Yunwa da karkarwa bayan shan kayan zaƙi: me ke jawo su?

"Likita, ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, shekarata 46. Da safe ina shan koko da sukari sosai, wani lokaci shayi da burodi, in wuce gona. Bayan kamar awa uku sai wata yunwa ta taso mini lokaci guda, hannuna na rawa, gumi na karyo mini, gabana na faɗuwa. Da na sha lemon kwalba sai abin ya lafa, amma wata rana yakan dawo kafin la'asar. Ranar da na ci ɗumamen tuwo ba na jin haka. Wasu sun ce shawara ce, wasu sun ce olsa ce. Ko ciwon suga ne ya kama ni?"

Malam, abin da ya fi kama da gaskiya shi ne sukarin jininka yana hawa da sauri bayan karin kumallo, sannan ya faɗo da sauri, kuma faɗowar ce kake ji a jikinka. Wannan shi kaɗai ba ya nufin ciwon suga ya kama ka, amma ga mutum mai shekarunka yakan zama alamar da ke riga ciwon zuwa, don haka ba zan ce maka ka manta da shi ba. Maganar ɗumamen tuwo da ka kawo ita ce ta fi komai amfani a wurina, domin ta nuna cewa matsalar tana bin irin abincin da ka ci ne, ba yawansa ba.

Abin da ke faruwa tsakanin koko da hantsi

Duk jinin da ke jikin babban mutum kimanin lita biyar ne, kuma sukarin da ke yawo a cikinsa kafin a karya kumallo bai fi giram 4 zuwa 5 ba, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Idan aka auna da na'urar da ake soka yatsa, wannan shi ne lambar da ke fitowa tsakanin 70 da 99 mg/dL. Jiki yana tsare wannan ɗan adadi tsakani da Allah, saboda ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya, kullum daga jini take ɗiban sukarin da take aiki da shi, kuma takan ci kusan giram 120 a yini.

To ka dubi abin da kake zuba wa wannan jini da safe. Ƙaramin cokali na sukari giram 4 ne, wanda ya zuba biyar ko shida a kofi ya riga ya sha giram 20 zuwa 24. Kokon kansa ma, tun kafin a sa masa sukari, gero ne da aka jiƙa aka niƙa aka tace, aka zubar da dusar, abin da ya rage gasara ce zalla wadda hanji ke mayarwa sukari cikin ɗan lokaci. Farin burodi ma haka yake. Ga shi kuma abin sha ba ya daɗewa a tumbi, nan da nan yake gangarawa hanji. Shi ya sa cikin rabin awa zuwa awa guda sukarin jini yake kaiwa ƙololuwa.

Akwai wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, likitoci na kiranta fankiriyas, ita ce ke fitar da sinadarin insulin. Aikin insulin shi ne ya kwashe sukari daga jini ya shigar da shi cikin tsoka da hanta da kitse, ya kuma hana hanta sakin wanda ta ajiye. A yawancin mutane insulin yana fita daidai gwargwado, sukari ya sauko a hankali ya tsaya inda yake tun farko, ba wanda ya ji komai. A wasu kuwa yakan fita fiye da kima, ko ya makara sannan ya fito da yawa. Kafin nan kokon ya riga ya ƙare a hanji, babu sabon sukari da ke shigowa, amma insulin yana nan yana ta kwasa. Kamar mai girki ce ta ga tukunya na tafasa tana zuba, ta janye itacen duka lokaci guda, sai wuta ta mutu abinci bai dahu ba.

A naka lamarin akwai ƙarin abu guda, wato aikin gona. Tsokar da ke aiki tana zuƙar sukari daga jini ko da babu insulin mai yawa. Idan ka sha zaƙi ka kama fartanya, insulin na ja ta gefe guda, tsoka na ja ta ɗaya gefen, dole saukar ta fi ta mai zaman shago sauri.

Idan sukari ya kusanci 70 ko ya gangara ƙasa da haka, jiki yakan tashi tsaye. Fankiriyas ta rage insulin ta saki wani sinadari mai suna gulukagon, wanda ke umartar hanta ta buɗe ajiyarta. Sannan a saki adiranalin, sinadarin da ke zuba a jini idan mutum ya taka maciji ko ya ji ihun ɓarayi. Rawar hannu da bugun zuciya da fargabar da ba ta da dalili duk aikinsa ne, gumin da yunwar kuma daga jijiyoyin da ke tashi tare da shi suke. Ma'ana, abin da kake ji ƙararrawa ce da jiki ke bugawa tun kafin a kai ga haɗari. Shi ya sa wannan yunwa ta sha bamban da yunwar da aka saba, wadda ke zuwa sannu a hankali, mutum ya iya daurewa har ya ƙarasa kunyarsa. Wannan takan zo ne cikin minti kaɗan, kuma zaƙi take nema, ba tuwo ba.

Lemon kwalbar da kake sha yana kashe wutar nan take, gaskiya ne, amma robar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukari kusan giram 50, fiye da ninki uku na abin da ake buƙata don gyara matsalar. Sai sukari ya sake hawa, insulin ya sake fita, bayan awa biyu ko uku a koma gidan jiya. Dawowar da kake ji kafin la'asar ke nan. Ɗumamen tuwo kuwa shi ma hatsi ne, amma ana cinsa ne da tauri, da miya mai mai da daddawa da kuka ko kuɓewa, yakan daɗe a tumbi, ya riƙa sakin sukarinsa kaɗan-kaɗan. Hawan bai yi tsanani ba, don haka saukar ma ba ta yi ba.

Kada a yanke hukunci sai an auna

Daga nesa ba zan iya rantse maka cewa sukarinka yana sauka ba, domin alamomin da ka lissafa ba na saukar sukari kaɗai ba ne. Shayi mai kauri da aka dafa ganyensa ya yi baƙi ƙirin yana sa rawar hannu da faɗuwar gaba, haka goro da yawa a cikin da ba komai. Ƙarancin jini yana sa jiri da kasala a gona, ƙishirwa a zafin bazara ma haka. Akwai kuma ciwon maƙoƙo mai sa jiki zafi, wanda ke haɗa rawar hannu da cin abinci da yawa da ramewa. Olsa da aka ce maka, ita zafi ko raɗaɗi take yi a saman ciki idan yunwa ta zo, ba ta cika sa gumi da karkarwa ba. Shawara kuwa, idan idonka da fitsarinka ba su sauya launi ba, ban ga abin da ya haɗa ta da wannan ba, kuma ina roƙonka kada ka fara shan jiƙe-jiƙe a kanta.

Tun a 1938 wani likitan fiɗa ɗan Amurka mai suna Allen Whipple ya kafa sharuɗɗa uku da har yau muke aiki da su. Mutum ya ji alamomin, a auna jininsa a daidai wannan lokaci a ga sukari ya yi ƙasa, sannan alamomin su gushe da zarar an ɗaga shi. Ga wanda ba ya shan maganin ciwon suga, lambar da ke tayar mana da hankali ita ce ƙasa da 55 mg/dL. Wasu na'urori suna ƙirga da mmol/L, a nan 70 yana daidai da 3.9, 55 kuma kusan 3.0, domin da 18 ake rabawa. Ina faɗin wannan ne saboda na sha ganin wanda ya zo a firgice don ya ga 5.2 a na'urar wani, alhali wannan lafiya lau ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ji abin yau, ya je kyamis gobe da sassafe a auna, a ce masa lafiyarsa ƙalau. Awon gobe ba ya ba da labarin hantsin yau. Dole a soki yatsa a lokacin da hannun yake rawa, kafin a sa komai a baki. Idan za ka iya aron na'ura, ko ka shirya da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi na garinku, ka zaɓi rana ka yi karin kumallonka yadda ka saba, a auna kafin ka ci, a auna bayan awa guda, bayan awa biyu, sai kuma lokacin da abin ya taso. Ka wanke hannu da sabulu ka bari ya bushe, domin ragowar rake ko mangwaro a yatsa yana ɗaga lambar ƙwarai. Ka kuma sani cewa waɗannan ƙananan na'urori sukan kauce wa gaskiya da kusan 15 sama ko ƙasa idan sukari ya yi ƙasa, tsinken awon da ya sha zafi a aljihu ko ya wuce wa'adinsa kuwa ba abin dogaro ba ne.

Sau da yawa idan aka yi wannan awo sai a tarar lambar ba ta sauka ƙasa da 70 ba, ta tsaya a 75 ko 80, amma mutumin yana karkarwa da gaske. Ba ƙarya yake yi ba, ba kuma aljanu ba ne. Akwai jikin da ke saurin buga ƙararrawa idan sukari ya gangaro da gudu daga sama, ko da bai kai ƙasa sosai ba. Irin wannan ba shi da haɗari, kuma gyaran abinci iri ɗaya ne yake magance shi.

Wani da na duba

Akwai wani dillalin dabbobi da ke zuwa kasuwar Maigatari duk Alhamis, mai kimanin shekarunka, da ɗan tumbi, kuma mahaifiyarsa ta rasu da ciwon suga. Karin kumallonsa a teburin mai shayi yake yi: babban kofi da madarar gwangwani mai zaƙi, sukari cokali huɗu, da rabin burodi. Wajen ƙarfe 11 sai ya ji kamar zai faɗi a tsakiyar kara. Muka auna shi a ranar da ba ta kasuwa ba. Kafin ya ci komai 104 ne. Awa guda bayan shayin ya kai 186, bayan awa biyu yana 150, bayan awa uku da rabi kuwa, yana zaune a benci gumi na ɗiga daga haɓarsa, na'ura ta nuna 61. Muka ba shi sukari ƙaramin cokali huɗu a ruwa, kafin kwata ya cika ya dawo hayyacinsa.

Shi hankalinsa a kan 61 yake, ni kuwa lambobi ukun farko ne suka fi damuna. Awon safe tsakanin 100 da 125 yana nuna mutum yana bakin ƙofar ciwon suga, daga 126 zuwa sama kuma, idan an maimaita an sake samu, ciwon ne. Sannan mai cikakkiyar lafiya ya kamata a ce bayan awa biyu ya sauko ƙasa da 140. Na tura shi babban asibiti aka yi masa gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, ya fito kashi 6.0. Tsakanin 5.7 da 6.4 gargaɗi ne, 6.5 ciwon ne.

Mutane kan yi mamaki idan aka ce saukar sukari tana iya zama alamar ciwon da aka sani da hawan sukari. Dalilin shi ne, a farkon ciwon fankiriyas tana rasa saurinta ne kafin ta rasa ƙarfinta. Insulin ɗin da ya kamata ya fita a mintocin farko ba ya fita, sukari ya hau ya wuce kima, sannan ta farga ta zubo da yawa a makare. Shi ya sa a irin waɗannan mutane saukar takan jinkirta zuwa awa uku ko biyar bayan cin abinci. Ban rubuta wa dillalin nan ƙwaya ko ɗaya ba. Ya rage sukarin shayi zuwa cokali ɗaya, ya bar madarar mai zaƙi, ya maye burodin da ƙosai ko ƙwai, ya riƙa sa gyaɗa a aljihu. Da muka maimaita awon, bayan awa guda 138 ne, bayan awa uku da rabi 88, karkarwa kuma ta ɗauke. Awonsa na safe bai gyaru ba sai da tumbin ya ragu, wannan kuwa ya ɗauki watanni.

Yadda za ka gyara karin kumallo

Ba na ce ka bar koko ba ne, na san a karkara ba kowa ke da zaɓi ba, kuma wake ma ba kullum yake araha ba. Abin da nake so shi ne kada zaƙi ko gasara su shiga cikinka su kaɗai. Ka rage sukarin da rabi a makon farko, ka sake ragewa a na biyu, harshe yakan saba. Ka haɗa kokon da ƙosai ko alala ko awara ko dafaffen ƙwai, kuma ka fara cin su kafin ka kurɓi kokon, domin abinci mai gina jiki da ɗan mai yana rage saurin fitar abinci daga tumbi. Ranar da babu waɗannan, ƙuli-ƙuli ko gyaɗa cikin tafin hannu sun wadatar. Ɗumamen da jikinka ya riga ya nuna maka yana karɓa, shi ne ya fi dacewa da ranar noma, haka ɗan wake ko kwaɗon zogale. Fura da nono ma ba laifi idan ba a danƙara mata sukari ba, saboda nonon yana rage mata gudu.

Kada a ruɗe ka da cewa zuma ko mazarƙwaila ko rake ba su da illa don ba daga kamfani suka fito ba, duk suna ɗaga sukarin jini. Zoɓo da kunun zaƙin da ake sayarwa a roba kuwa, sau da yawa zaƙinsu bai gaza na lemon kwalba ba.

Tun da ka san lokacin da abin yake zuwa, ka riga shi. Bayan awa biyu da rabi da karin kumallo ka tsaya a inuwa ka ci gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, ka sha ruwa. Idan kuma ya riga ya taso, giram 15 na sukari kawai kake buƙata, wato ƙaramin cokali huɗu a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko dabino biyu ko uku, ko kashi ɗaya cikin uku na robar lemon nan. Ka zauna ka jira minti 15, idan bai lafa ba ka ƙara irin wannan adadi, idan ya lafa ka bi shi da abinci mai nauyi. Jiran nan shi ne ya fi wuya, don yunwar tana cewa ka shanye robar duka. Idan a kan babur ya same ka, ko a bakin rijiya, ko kusa da injin ban ruwa, ka dakata tukuna, na ga raunin da ya fi ciwon kansa muni.

Da azumi ma dokar ɗaya ce. Wanda ya yi sahur da shayi mai zaƙi da burodi shi ne zai ji jikinsa na rawa tun hantsi, wanda ya ci tuwo ko wake kuwa yakan kai azahar bai ji komai ba.

Inda maganar ta wuce gyaran abinci

Duk abin da na faɗa ya shafi wanda ba ya shan maganin ciwon suga ne. Idan kana shan gilibenkilamaid ko ana yi maka allurar insulin, maganin ne abin zargi na farko, kuma saukar da yake jawowa tana iya kisa, musamman ga tsoho ko mai ciwon ƙoda, sai ka koma wurin wanda ya rubuta maka a rage. Metfomin shi kaɗai bai cika saukar da sukari ba. Kwinin da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani suna saukar da shi, musamman ga yara da masu juna biyu. Wanda aka taɓa yi wa aikin tumbi ma lamarinsa daban ne, domin abinci yana zubowa hanjinsa lokaci guda.

Ka je babban asibiti ba tare da jinkiri ba idan abin yana zuwa maka da asuba kafin ka ci komai ko cikin dare, idan na'ura ta taɓa nuna ƙasa da 55, ko idan mutanen gida sun ce ka ruɗe, maganarka ta karye, ko ka suma. Saukar da ke zuwa wa wanda ya kwana bai ci komai ba ko mai barci ba ta zaƙi ba ce, tana iya zama daga hanta ko ƙoda, ko wani ƙari a fankiriyas da ke fitar da insulin ba ƙaƙƙautawa, wanda ba kasafai ake samunsa ba amma ana iya cire shi. Haka nan idan kana yawan fitsari da dare, ga ƙishirwa, ga rama, ko gyambo ya ƙi warkewa, kada ka jira komai, a auna ka a wannan mako.

Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, a shekara 46 ya kamata a yi maka awon safe, bayan ka kwana aƙalla awa 8 ba ka ci komai ba sai ruwa, musamman idan akwai mai ciwon suga a danginku ko kana da hawan jini. Ka kuma gaya wa iyalinka da waɗanda kuke aiki tare cewa idan suka ga mutum ya suma, kada su ɗura masa lemo ko ruwan sukari a baki, domin yana iya shiga huhu. Su kwantar da shi a kan gefensa, su garzaya da shi asibiti mafi kusa a sa masa ruwan gulukos ta jijiya.